Yadda ake gyara kuskure a imel ɗin da ya riga ya tafi

Magana zarar bunu ce, kuma imel ma haka yake. Da zarar ya bar akwatinka ya shiga na wani, ba ka da sauran iko a kansa. Ko ka goge shi daga `Sent`, kwafinka kaɗai ka rasa, na wanda ka aika wa yana nan daram. Saboda haka gyaran imel kusan kullum yana nufin rubuta saƙo na biyu, kuma dole saƙon nan ya tsaya da ƙafarsa, ta yadda wanda ya karanta shi kaɗai, bai koma kan na farko ba, zai yi abin da ya dace. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Da farko, duba ko saƙon ya tafi da gaske

Idan ka lura da kuskuren a daidai lokacin da ka danna `Send`, kana da 'yar dama. A Gmail wani ɗan rubutu yana fitowa a ƙasan allo ɗauke da `Undo`. Danna shi, saƙon zai dawo gabanka a buɗe, ka gyara ka sake aikawa. Ba wai Gmail yana zuwa ya ƙwato saƙon daga hannun mai karɓa ba ne, riƙe shi kawai yake yi na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Lokacin da yake zuwa da shi sakan 5 ne, wanda da ƙyar ya ishi mutum ya gane me ya faru. Ana iya ƙara shi daga kwamfuta: ka shiga `Settings`, sai `See all settings`, a ƙarƙashin `General` ka nemi `Undo Send`, ka zaɓi 10, 20 ko 30, sannan ka sauka ƙasa ka danna `Save Changes`. Zaɓi 30. Babu saƙon aikin da jinkirin rabin minti zai lalata. Manhajar Mail ta iPhone ma tana da irin wannan, `Undo Send Delay`, mai sakan 10, 20 ko 30.

Masu amfani da Outlook a wurin aiki suna da wani abu daban da ake kira `Recall`. Ana buɗe saƙon daga `Sent Items` ta hanyar danna shi sau biyu, sai a nemi `Recall This Message`, ko `Recall message` a sabuwar manhajar. Amma iyakarsa a fili take: yana aiki ne tsakanin mutanen ma'aikata ɗaya masu amfani da Microsoft 365 ko Exchange. Idan kwastoma ne a wani kamfani, ko mai adireshin Gmail, saƙon ba zai dawo ba. Abin da ya fi muni, a tsohuwar manhajar mutumin na waje yakan samu sanarwa cewa kana son janye saƙon, kuma babu abin da ke sa mutum ya koma ya karanta saƙo da kyau kamar ya ji an so a ɓoye masa shi. A ganina, ko a cikin ma'aikata ɗaya, kada ka dogara da janyewa kaɗai. Mai yiwuwa mutum ya riga ya ga lambar a sanarwar wayarsa, ko ya rubuta ta a takarda. Janye idan za ka iya, amma ka bi da gyara.

Kada ka rubuta komai tukuna: karanta abin da ka aika

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutum ya ga kuskure, gabansa ya faɗi, nan take ya aika “yi haƙuri, ga daidai”, bayan minti goma kuma ya gano wani kuskuren a cikin fayil ɗin, ya sake aikawa. Yanzu mai karɓa yana da saƙo uku, kuma bai san wanne zai kama ba. Gyara ɗaya mai kyau bayan minti goma ya fi gyara uku a cikin minti biyar.

Buɗe saƙon daga `Sent`, ba daga abin da kake tunawa ba, ka karanta shi tun daga take har sa hannu. Buɗe duk fayil ɗin da ka maƙala, shi ma daga cikin saƙon, domin wanda ke kwamfutarka ba lallai ne shi ka aika ba. Kana neman amsar tambayoyi uku. Ina da ina kuskuren ya bayyana? Su wa suka karɓa? Me za su iya yi da shi kafin su ji daga gare ka?

Tambaya ta uku ita ke nuna ko kuskuren ya cancanci gyara ma. Harafi ya faɗi a cikin kalma, ko ka maimaita kalma sau biyu, amma ma'ana ba ta canza ba: bar shi. Saƙo na biyu a kan wannan cika wa mutane akwati ne kawai. Amma idan kuskuren ya taɓa kuɗi, rana, lokaci, wuri, adadin kaya, lambar asusu, ko sunan mutum, to sai an gyara, domin wani zai yi aiki da shi. Kuskuren suna ba ya jawo asarar kuɗi, amma mai sunan ba ya mantawa, don haka shi ma layi ɗaya na gyara ya dace da shi.

Misali: farashin da lambobinsa suka juya

A ce kana aiki a kamfanin da ke sayar da kayan ofis. Wata kwastoma ta nemi farashin kujeru 40. Ka aika mata imel da safe, ka saka akantansu da shugabanka a `Cc`, ka maƙala takardar farashi ta PDF. Farashin kujera ɗaya 54,000 ne, amma yatsunka suka juya lambobin ka rubuta 45,000. Da rana ka lura.

Da ka koma kan saƙon, sai ka ga kuskuren ba wuri ɗaya yake ba. Yana cikin jikin imel. Yana cikin layin farashi a takardar. Kuma da yake jimillar daga wannan lambar aka lissafo ta, ita ma ta lalace: ka rubuta 1,800,000 alhali daidai shi ne 2,160,000. Bambancin 360,000 ne. Idan akwai haraji ko ragi da ake cirewa daga jimillar da kaso, su ma sun gurɓata. Da ka yi gaggawar gyara lambar da ke jikin imel kaɗai, da akantansu ya ɗauki tsohuwar takardar ya shirya biya da ita, domin akanta takarda yake bi, ba hirar da ke cikin imel ba.

Ga yadda za ka bi.

Mataki na ɗaya, tabbatar da lambar daidai daga tushe, wato jerin farashin kamfani ko wanda ke da alhakin sa farashi. Kada ka gyara daga ka. Sake lissafin jimillar da kanka sau ɗaya da na'urar lissafi.

Mataki na biyu, idan kana da shugaba kuma kuɗin da yawa, faɗa masa kafin ka aika gyaran. Ba don neman gafara ba, sai don shi ke da ikon cewa za a tsaya a kan farashin gaskiya, ko za a yi wa kwastoma wani sassauci. Kada ka yi alkawarin ragi a cikin saƙon gyara don kawai kunya ta kama ka, alhali ba ka da hurumin bayarwa.

Mataki na uku, gyara takardar, ka ba ta sabon suna. Idan tsohuwar `farashin-kujeru.pdf` ce, sabuwar ta zama `farashin-kujeru-gyararre-v2.pdf`. Fayil biyu masu suna ɗaya a kwamfutar mutum ɗaya, tabbas wata rana za a buɗe wanda bai kamata ba. A cikin takardar kanta, a sama, rubuta cewa gyararriya ce kuma ta maye gurbin wadda aka aika da farko, tare da kwanan wata. Takarda tana yawo ba tare da imel ɗin da ya kawo ta ba. Ana buga ta, ana tura ta ga wani, saboda haka ita ma sai ta iya bayanin kanta.

Mataki na huɗu, buɗe saƙonka na farko daga `Sent` ka danna `Reply all`. Wannan yana mayar da duk waɗanda ke `To` da `Cc`, kuma yana ajiye tsohon saƙon a ƙasa don a ga abin da ake gyarawa. Duba layin masu karɓa da idonka. Waɗanda ka saka a `Bcc` galibi ba sa dawowa da kansu, sai ka sake saka su. Ka'idar ita ce duk wanda ya ga lambar da ba daidai ba sai ya ga ta daidai. Kunya takan sa mutum ya so ya cire shugabansa ko akanta daga gyaran. Kada ka yi haka, domin wanda ka cire shi ne zai ci gaba da riƙe tsohuwar lamba a matsayin gaskiya.

Mataki na biyar shi ne taken saƙo, kuma a nan akwai zaɓi. Idan ka bar taken yadda yake, gyaran zai zauna a ƙarƙashin saƙon farko a zare ɗaya, wanda yake da kyau, amma mai karɓa yana iya ɗauka ƙarin bayani ne ya bar shi sai gobe. Idan ka canza taken, Gmail yakan ware shi ya zama sabon zare, sai dai ido zai kama shi nan take. Ga kuskuren kuɗi, na fi son a canza. Saka kalmar GYARA a gaba, ka bar sauran taken yadda yake don a gane saƙon da ake nufi. A Gmail, idan kana cikin amsa, danna 'yar kibiyar da ke gefen sunan mai karɓa ka zaɓi `Edit subject`.

Mataki na shida, rubuta saƙon. Ga yadda zai kasance:

> Take: GYARA: Farashin kujeru 40, farashin ɗaya 54,000 ne
>
> Barka da aiki, Hajiya.
>
> Akwai kuskure a farashin da na aiko miki yau da safe. Na rubuta kujera ɗaya 45,000, alhali daidai shi ne 54,000. Saboda haka jimillar kujeru 40 ita ce 2,160,000, ba 1,800,000 ba.
>
> Ga gyararriyar takarda na maƙala, mai suna farashin-kujeru-gyararre-v2.pdf. Don Allah a yi amfani da ita, a yi watsi da wadda na aiko da safe. Adadin kaya, ranar kawowa da sharuɗɗan biya duk suna nan yadda suke.
>
> Kuskuren daga gare ni ne, a yi haƙuri. Idan an riga an tura tsohuwar takardar ga wani a wajenku, a taimaka a tura masa wannan. Zan so ki sanar da ni idan saƙon ya iso.
>
> Na gode.

Kula da yadda aka jera shi. Bayan gaisuwa, jimla ta farko ta faɗi cewa akwai kuskure, ta biyu ta kawo tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe. Wasu suna cewa kada a maimaita lambar da ba daidai ba, wai za ta ƙara zama a kan mai karatu. Ban yarda da wannan ba a inda kuɗi yake. Mutumin da ya riga ya rubuta 45,000 a littafinsa yana buƙatar ya ga 45,000 ɗin don ya san abin da zai soke. Kuma “ga gyararriyar takarda” kaɗai, ba tare da faɗin abin da ya canza ba, ɗora wa kwastoma aikin gwada takardu biyu layi-layi ne. Idan ya gano da kansa cewa farashi ne ya hau ba a faɗa masa ba, zai ɗauka an so a zame masa ne.

Layin da ke cewa sauran abubuwa suna nan yadda suke yana da amfani fiye da yadda ake zato. Wanda ya ga kuskure ɗaya zai fara shakkar komai, kuma wannan layin ne ke kwantar masa da hankali. Amma kada ka rubuta shi sai ka duba da gaske.

Ban haƙuri kuwa sau ɗaya ya isa, kuma bayan gyara yake zuwa, ba kafinsa ba. Saƙon da ya fara da layi huɗu na nadama yana tura lambar da ake buƙata can ƙasa, inda mai karantawa a waya ba zai gani ba sai ya ja allo. Haka nan yana tilasta wa kwastoma ya tsaya lallashinka. Bayanin dalili ma ba a buƙatarsa: aiki ya yi yawa, kwamfuta ta yi nauyi, wane ne ya ba ni lambar. Ko da gaske wani abokin aiki ne ya ba ka lambar da ba daidai ba, wannan zancen cikin gida ne. Kai ka aika, kai za ka ce daga gare ka ne, ko ka ce “daga wajenmu ne”.

Mataki na bakwai, kafin ka danna `Send`, maƙala sabon fayil ɗin, ka buɗe shi daga cikin saƙon ka ga lambar da idonka. Babu abin da ya kai saƙon gyara mai ɗauke da tsohon fayil ban kunya, kuma yana faruwa sosai, domin manhaja takan nuna fayilolin da aka yi amfani da su kwanan nan a sama, tsohon kuma yana cikinsu.

Lokacin da imel kaɗai bai isa ba

Idan akwai yiwuwar a yi aiki da kuskuren a yau, misali akanta zai biya, ko kwastoma za ta kai farashin gaban wani taro da yamma, ɗauki waya. Faɗi abin a jimla biyu, ka ce gyararriyar takarda tana cikin imel. Kiran ne ke tsayar da ɓarna, imel ɗin kuma shi ne shaidar da za ta rage a rubuce. Ana yin su duka biyu, ba ɗaya a madadin ɗaya ba.

Kuskuren lambar asusun banki yana da nasa hukuncin. Saƙon da ke cewa “lambar asusun da muka ba ku ba daidai ba ce, ku biya a wannan” shi ne ainihin salon da 'yan damfara ke amfani da shi, kuma akanta mai hankali ba zai yarda da shi ba. Idan ka aika irin wannan gyaran, kira su da lambar da suka saba ganinka da ita, kuma ka rubuta a cikin saƙon cewa su tabbatar ta waya kafin su biya. Kada ranka ya ɓaci idan sun yi ta tambaya, aikinsu suke yi.

Sai kuma yanayin da ya fi wuya: kafin ka lura, kwastoma ta riga ta amsa cewa ta amince da 45,000. A nan ba gyaran rubutu kake yi ba, ciniki ne ya buɗe. Ko amincewarta ta ɗaure kamfaninku ko ba ta ɗaure ba, ya danganta da dokar ƙasar da kuke da kuma yadda aka rubuta takardar, don haka kada ka yanke hukunci kai kaɗai, kuma kada ka rubuta mata cewa “wancan farashin ba ya aiki” kamar magana ta ƙare. Kai wa shugabanka lambobin a fili: an faɗi kaza, daidai kaza, bambanci 360,000. Idan bambancin ƙarami ne kuma kwastomar ta dindindin ce, sau da yawa ya fi riba a cika mata a kan abin da aka faɗa, a sanar da ita cewa kuskure ne kuma oda ta gaba za ta koma farashin gaskiya. Idan babba ne, a kira ta a yi bayani, a ba ta damar janye odar ba tare da asarar komai ba. Duk abin da aka cimma a waya, a rubuta shi a imel ranar.

Idan kuskuren akasin haka ne, wato ka faɗi farashi sama da na gaskiya, gyaran ya fi sauƙin rubutawa, amma shi ma bai kamata a jinkirta shi ba. Mai yiwuwa a wannan lokacin tana gwada farashinka da na wasu.

Fayil ɗin da aka manta

Wannan ƙaramin abu ne, kuma gyaransa ma ƙarami ya kamata ya zama. `Reply all` a kan saƙon farko, bar taken yadda yake, maƙala fayil ɗin kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, sannan:

> Ranka ya daɗe, ga rahoton da na ambata a saƙon da ya gabata, ban maƙala shi ba ɗazu. A yi haƙuri.

Shi ke nan. Faɗi sunan abin, kada ka ce “ga shi” kawai, domin mai karɓa yana iya buɗe saƙon bayan mako guda.

Wani lokacin ba mantuwa ba ce. Idan ka danna `Reply` a kan saƙon da ya zo da fayil, fayil ɗin ba ya bin amsar, `Forward` ne ke ɗaukarsa. Haka kuma Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce 25 MB, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, kuma idan ba ka ba mai karɓa izinin buɗewa ba, zai danna ya tarar da ƙofa a rufe. A nan gyaran shi ne ka shiga `Share` ka ba shi izini, sannan ka sanar da shi ya sake gwadawa. Gmail da Outlook sukan yi gargaɗi idan ka rubuta kalma irin `attached` babu fayil, amma kalmomi suke bi, don haka idan da Hausa kake rubutu kada ka jira su tuna maka.

Idan kuwa fayil ka maƙala amma ba shi ne daidai ba, duba abin da ke cikinsa kafin ka ɗauke shi ƙaramin abu. Tsohon kwafi ne kawai? Aika sabon, ka ce a yi watsi da wancan. Amma idan takardar wani kwastoma ce, ko tana ɗauke da albashi, lambobin asusu ko bayanan mutane, to ban haƙuri bai rufe zancen ba. Roƙi mai karɓa ya goge ta kuma kada ya tura wa kowa, ka nemi ya tabbatar maka a rubuce, sannan ka sanar da shugabanka ko mai kula da bayanai a wurin aikinku nan take, domin ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanai da ke ɗora wa kamfani wasu matakai cikin ƙayyadadden lokaci.

Mahaɗi yana da wata fa'ida da fayil ɗin da aka maƙala ba shi da ita: za ka iya gyara takardar a inda take, ko ka janye izinin buɗewa. Wannan yakan ja mutum ya gyara lambar a ɓoye ya yi shiru. Kada ka yi. Mai karɓa yana iya kasancewa ya riga ya sauke kwafi ko ya rubuta lambar, kuma ranar da ya ga ta canza ba tare da sanarwa ba, ba zai ƙara yarda da wata takarda taka ba. Gyara, sannan ka aika layi ɗaya da ke faɗin abin da ya canza.

Bayan ka aika

Koma `Sent` ka tabbatar gyaran ya fita, ba ya maƙale a `Outbox` ko `Drafts` ba, musamman idan daga waya ka aika kuma intanet ɗin yana yankewa. Sannan gyara tushen kuskuren: idan 45,000 ɗin yana zaune a cikin takardar da kake kwafa duk lokacin da za ka ba da farashi, kwastoma na gaba ma shi zai samu.

Idan ka nemi a tabbatar maka kuma ba ka ji komai ba, kada ka ɗauki shirun a matsayin an gani. Ga kuskuren kuɗi ko na ranar taro, kira kafin a tashi aiki a ranar. Ga fayil ɗin da aka manta, ba sai ka bi sawu ba, sai dai idan akwai wa'adin da ke tafe.